Ser ko Estar: Yadda Ake Gane Amsa a Tambayoyin Zaɓi na Sifaniyanci

Sifaniyanci yana da aikatau biyu, ser da estar, waɗanda suka raba aikin faɗin yadda abu yake. A tambayoyin cike gurbi akan ba ɗalibi jimla mai giɓi, a jera masa es da está, a ce ya zaɓa. Ƙa'idar da aka fi koyarwa ita ce ser na abu mai ɗorewa ne, estar na mai wucewa. Wannan ƙa'ida gurguwa ce, kuma masu tsara tambayoyi sun san inda take faɗuwa. Mutuwa ba ta wucewa, amma está muerto ake cewa. Birnin Madrid bai taɓa gusawa ba, amma Madrid está en España ake cewa.

Abin da ya fi kai mutum ga amsa shi ne duba kalmar da ta biyo bayan giɓin. Idan suna ne, kamar na sana'a, ser ne ko da aikin na ɗan lokaci ne: Ana es estudiante, Ana ɗaliba ce. Idan wurin da mutum ko abu yake ake faɗa, estar ne. Mai jin Hausa yana da ɗan sauƙi a nan, domin shi ma yana bambanta "malami ne" da "yana gida".

Tarkon da ya fi kama ɗalibai yana cikin batun wuri. A ɗauki jimlar La boda ___ en la iglesia. Ganin en da sunan coci yakan sa a yi saurin zaɓar está, alhali amsar es ce. Dalili kuwa shi ne boda ɗaurin aure ne, wato taro, kuma wurin da ake gudanar da taro ser yake ɗauka. Gwajin mai sauƙi ne: in za a iya sa se celebra, wato ana gudanarwa, a giɓin jimlar ta zauna daidai, to ser ne. Amma a La iglesia ___ en la plaza gwajin ba ya aiki, don coci gini ne, saboda haka está ce amsa.

Sifa ce ke buƙatar natsuwa, domin sau da yawa aikatau biyun duk suna shiga, ma'ana ce ke sauyawa. Es listo na nufin yana da wayo, está listo kuma ya shirya. A nan ragowar jimlar ce alƙali. A Ya podemos salir, todos ___ listos, maganar fita ake yi, don haka estamos ce daidai, somos kuwa yabon kai ne da ba shi da gurbi. Tambayar da ta zo da irin wannan sifa ba tare da wata alama a jimlar ba, laifin mai tsara ta ne, domin amsoshi biyu take da su.