Me ya sa ƙafar tankin ruwa take lanƙwashewa?

Na gaji da jin maganar nan a bakin masu walda da masu gida: "Ai ƙarfe ne, Alhaji, zai ɗauka." Ana gina bene, ruwa ya daina hawa, sai a kira mai walda ya ƙara wa ƙafafun tanki tsawo daga mita 3 zuwa mita 6 da irin bututun da ke jiki. A lissafinsu tunda bututu ɗaya ne, nauyin da zai ɗauka ma ɗaya ne. Wannan kuskure ne, kuma yana iya kashe mutum.

Ka zaro tsinken tsintsiya, ka tsayar da shi a ƙasa, ka danna kansa da yatsa. Ba ya murƙushewa, cikinsa ne yake bauɗewa gefe, farat ɗaya. Ka karya shi biyu ka sake danna rabin, za ka ji ya yi taurin kai. Siririn ginshiƙi haka yake faɗuwa, tun ƙarfensa bai kai ko kusa da iyakar ƙarfinsa ba. Masanin lissafi Leonhard Euler ya fitar da ƙa'idar wannan a 1744:

P = π²EI / (KL)²

P shi ne nauyin da ginshiƙi zai lanƙwashe a kansa, E taurin ƙarfen, I ya danganta da faɗin bututun da kaurin jikinsa, L tsawo, K kuma yadda aka riƙe ƙarshensa biyu. Tsawon yana ƙasa, kuma ana ninka shi da kansa. Shi ya sa idan tsawo ya ninka biyu, abin da ginshiƙi zai ɗauka ya koma kashi ɗaya cikin huɗu.

Mu ɗauki bututu mai faɗin milimita 48, kaurin jikinsa milimita 3. Guntunsa sai an ɗora masa fiye da tan 10 kafin ƙarfen ya saki. Mai tsawon mita 3, wanda ƙarshensa biyu ba sa gocewa gefe amma suna iya juyawa, zai lanƙwashe a wajen tan 2.4. Mai mita 6 kuwa, a wajen kilo 600. Tanki mai lita 2,000 ruwansa kaɗai tan 2 ne, wato kilo 500 a kan kowace ƙafa, ba a sa nauyin tankin da dandamalinsa da iskar farkon damina ba. Lissafin Euler kuma na miƙaƙƙen bututu ne sak, alhali wanda aka haɗa da walda a tsakiya da wuya ya miƙe. Ina ragowar take?

Kada wani ya ce zai sayo ƙarfe "mai ƙarfi". E na ƙarafan gini kusan ɗaya ne, mai tsada da mai araha.

Batun K shi ne wanda aka fi sakaci da shi. Abin da ke shiga lissafi shi ne KL, wato tsawon sashen da ke yin baka idan ginshiƙin ya bauɗe. Idan ƙarshen biyu suna juyawa amma ba sa gocewa, K ɗaya ne. Idan an daskare ɗaya, ya sauko zuwa kusan 0.7, aka daskare duka biyu, 0.5. Amma idan gindin yana cikin kankare, kan kuma yana lilo babu abin da ya tare shi, K ya zama 2. Bututunmu mai mita 6 ya koma kamar mai mita 12 ke nan, ya ɗauki kilo 150 kacal. Ƙafafun tankin da ba su da tokara a tsakanin 1 da 2 suke, gwargwadon ƙarfin waldar sama, domin dandamalin da ƙafafun huɗu tare suke gocewa.

Ga mai gida, ka tsaya nesa ka hango kowace ƙafa da ido ɗaya, ka ga ko ta yi ciki. Ka tura dandamalin da hannu lokacin da tankin ba ruwa. Idan yana rangaji, kada ka cika shi. Ka duba gindin, inda ruwa ke kwanciya tsatsa ta ci jikin bututun. Ka sa a ɗaure ƙafafun a tsakiyar tsawonsu, a kuma gitta ƙarafa daga kusurwa zuwa kusurwa a dukkan fuskoki huɗu, sama da ƙasa. Ɗaurin kwance kaɗai bai isa ba, gittawar ce ke hana gocewa, ita ce ke mayar da mita 6 tamkar mita 3. Idan za ka sayi sabon bututu, mai faɗi ya fi siriri mai kauri ko da nauyinsu ɗaya. Kada kuma ka yarda a yanke ƙarfen gittawa don a sami wurin ajiye janareta a ƙarƙashi, abin da na gani da idona a gidan wani maƙwabcina. Tankin da zai haura tsayin bene, a kira injiniya ya yi lissafin kafin mai walda ya kunna wuta.