Bashin Mamaci a Al'adar Hausawa

A ƙasar Hausa, bashin mamaci yana kan dukiyar da ya bari ne, ba a wuyan 'ya'yansa ko danginsa ba. Wannan shi ne hukuncin mazhabar Malikiyya da Hausawa ke bi, sai dai al'ada takan ɗora wa iyali nauyin da ya zarce na shari'a.

Tun a wajen jana'iza ake fara maganar. Kafin a sallaci gawa, ko bayan an dawo daga maƙabarta, wani babba a dangi yakan miƙe ya yi shela cewa duk mai bin marigayi bashi, ko wanda marigayin yake bi, ya zo ya samu wane. Gaggawar ta samo asali daga hadisin da ya nuna Annabi (SAW) ya dakata da sallatar wani mai bashi har sai da Abu Ƙatada ya ɗauki nauyin biya. Shi ya sa akan ji ɗa ko ƙane ya ce ya ɗauka. Maganar ba ta fatar baki ba ce, domin wanda ya furta ta ya zama mai lamuni, ana iya binsa.

Wajen rabo, akan fara ware abin da ke da haƙƙin wani a kansa, kamar gonar da aka jinginar. Daga nan sai kuɗin likkafani da binnewa, sannan bashi, sannan wasiyya wadda ba ta wuce sulusi ba. Abin da ya saura shi ne gado. Ragowar sadakin da miji bai cika ba bashi ne, kuma bashin da wa'adinsa bai yi ba yakan zama na biya nan take da mutuwar wanda ake bi.

A ɗauka mutum ya bar Naira 650,000, aka kashe 50,000 a jana'iza. Wani ɗan kasuwa yana binsa 600,000, maƙwabci kuma 300,000. Tunda 600,000 da ta rage kashi biyu ce cikin uku na bashin, ɗan kasuwar zai karɓi 400,000, maƙwabcin 200,000. Magada ba su da komai, amma cikon 300,000 ba dole ba ne a kansu. Duk da haka, gudun abin kunya da tausayin mamaci sukan sa 'ya'ya su yi karo-karo su biya, ko dattawa su roƙi mai bashi ya yafe.

Rikici ya fi tasowa idan aka yi saurin raba gado, ko aka zuba dukiyar a sadakar uku da bakwai da arba'in alhali ba a biya bashi ba. Idan mai bashi ya ɓullo bayan rabo, alƙali yakan nemi shaidu, ya kuma rantsar da shi cewa ba a biya shi ba, bai kuma yafe ba, tunda wanda zai musa yana kabari. In bashin ya tabbata, kowane magaji zai mayar gwargwadon rabonsa, ba tare da an wuce abin da ya karɓa ba.