Atam, Ayon da Aisotof: Tambaya da Amsa ga Ɗalibin da Suke Rikita Shi

Duk malamin da ya taɓa duba takardun jarrabawar kemistiri a makarantar sakandare ya san inda ɗalibai suka fi tuntuɓe. Za a tambayi yaro mene ne aisotof, sai ya kawo bayanin ayon. Za a ba shi alamar Na⁺, sai ya ce sodiyam ya ƙara furoton ɗaya. Yawanci abin da ke jawo haka shi ne an haddace ma'anoni uku daban-daban, ba a lura cewa duka ukun a kan ƙidaya guda suke ba. A nan za mu ɗauki sinadari ɗaya, kulorin, wanda ke cikin gishirin miyarmu, mu bi shi daki-daki har bambancin ya fito fili.

Me ke cikin atam, kuma me ke tabbatar da sunansa?

Atam shi ne mafi ƙanƙantar yanki na sinadari wanda har yanzu yake amsa sunan wannan sinadarin. Abubuwa uku ne a cikinsa. A tsakiya akwai cibiya, inda furoton da niyutiron suke a dunƙule. Furoton yana da cajin tarawa (+), niyutiron kuwa ba shi da caji ko kaɗan, amma nauyinsu kusan ɗaya ne. A kewayen cibiyar akwai ilektiron, masu cajin ɗebewa (−). Ilektiron ba shi da wani nauyi na a-zo-a-gani, domin sai an tara kusan 1,836 kafin su yi nauyin furoton guda.

Yawan furoton shi ne ke yanke hukuncin sunan sinadari. Duk atam ɗin da ke da furoton 17 kulorin ne. Mai 11 sodiyam ne, mai 18 kuma agon. Wannan adadi shi ake kira lambar atam, kuma da shi aka jera jadawalin sinadarai. Atam ɗin kulorin yana da ilektiron 17 daidai da furoton ɗinsa, don haka tarawa 17 da ɗebewa 17 suka kashe juna, ya zauna babu caji. Idan littafin makaranta ya ce "atam" kawai, irin wannan marar cajin yake nufi.

To mene ne ayon?

Ayon atam ne da ya rasa ilektiron ko ya samu ƙari, har lissafin cajinsa ya daina tashi babu. Cibiyarsa tana nan yadda take, ba a taɓa furoton ba, ba a taɓa niyutiron ba.

Ilektiron ɗin kulorin a zagaye uku suke zaune: 2, 8, 7. Zagayen waje saura ɗaya ya cika takwas. Na sodiyam kuwa 2, 8, 1 ne, wato ilektiron ɗaya tal a can waje, nesa da cibiya, wanda ba a riƙe shi da ƙarfi ba. Idan sinadaran biyu suka haɗu, wannan ilektiron ɗin yana barin sodiyam ya koma wajen kulorin. Sodiyam ya zama mai furoton 11 da ilektiron 10, tarawa ta fi da ɗaya, sai a rubuta Na⁺. Kulorin ya zama mai furoton 17 da ilektiron 18, ɗebewa ta fi da ɗaya, sai a rubuta Cl⁻, a kira shi ayon ɗin kulorayid. Da yake caji biyu masu saɓani suna jan juna, sai su jeru su maƙale, kuma wannan jerin shi ne ƙwayar gishiri.

Canjin ilektiron guda ba ƙaramin abu ba ne. Sodiyam ƙarfe ne mai laushi da wuƙa ke yankawa, kuma idan aka jefa shi a ruwa sai ya yi ta tsuwa yana yawo a samansa, wani lokaci har ya kama da wuta. Kulorin iska ce mai guba, launinta tsakanin kore da rawaya. Amma ayon ɗinsu biyu su ne muke barbaɗawa a abinci kullum.

Me ya sa wanda ya yi rashi ake sa masa alamar tarawa?

Nan ne ɗalibai da yawa ke faɗuwa, domin ido ya saba ganin alamar + a matsayin ƙari. Abin lura shi ne, alamar tana nuna cajin da ya rinjaya bayan an yi canjin. Ilektiron cajin ɗebewa ne da shi. Idan ya fita, ɗebewa ta ragu, tarawar furoton ta yi rinjaye. Idan ya shigo, ɗebewa ta ƙaru. Lissafin kullum ɗaya ne: a ɗauki yawan furoton a cire yawan ilektiron. A magnisiyam mai furoton 12 da ilektiron 10, amsar +2 ce, wato Mg²⁺. A oksijin mai furoton 8 da ilektiron 10, amsar −2 ce, wato O²⁻.

Tunda Cl⁻ yana da ilektiron 18 kamar agon, ya zama agon ke nan?

A'a. Tsarin ilektiron ɗinsu ya zo ɗaya, 2, 8, 8, amma agon furoton 18 gare shi, kulorayid kuwa 17. Tunda furoton ne ke ba da suna, kulorin bai tashi daga kulorin ba. Babu wani haɗi na kemistiri, ko dafawa ko narkarwa ko ƙonawa, da ke canza yawan furoton. Sai an taɓa cibiyar kanta, kamar yadda ke faruwa a rana ko a tashar nukiliya, sannan wani sinadari ke rikiɗewa ya zama wani.

Shi kuma aisotof fa?

Aisotof atam-atam ne na sinadari ɗaya waɗanda yawan niyutiron ɗinsu ya bambanta. Kulorin da ke duniya iri biyu ne masu ɗorewa. Na farko yana da furoton 17 da niyutiron 18, jimilla 35, ana kiransa kulorin-35. Na biyu yana da furoton 17 da niyutiron 20, jimilla 37, shi ne kulorin-37. Wannan jimillar ta furoton da niyutiron ita ce lambar nauyi. Babu ɗayansu da ya fi wani zama kulorin na gaske, kowanne aisotof ne na kulorin.

Da yake ilektiron ne ke gudanar da haɗuwar sinadarai, kuma dukkansu 17 gare su, halinsu a kemistiri kusan ɗaya ne. Kowace ƙwayar gishiri tana ɗauke da su biyun a cakuɗe, harshe kuma ba ya iya bambance su. Frederick Soddy ya gabatar da wannan ra'ayi a 1913, amma sai da James Chadwick ya gano niyutiron a 1932 aka fahimci abin da ke sa ɗaya ya fi ɗaya nauyi.

Me ya sa nauyin kulorin yake 35.5? Akwai rabin niyutiron ne?

Babu rabin niyutiron, kuma babu atam ɗin kulorin ko guda da nauyinsa yake 35.5. Wannan matsakaici ne. A cikin kowane atam huɗu na kulorin, kusan uku kulorin-35 ne, ɗaya kuma kulorin-37. Uku sau 35 ya ba da 105. A ƙara 37, ya zama 142. A raba gida huɗu, sai a samu 35.5. Matsakaicin ya fi karkata wajen 35 saboda shi ya fi yawa. Kuskuren da ake yawan yi shi ne a haɗa 35 da 37 a raba biyu a samu 36, a manta cewa yawansu ba ɗaya ba ne. Wani kuskuren kuma shi ne a cire 17 daga 35.5 don neman niyutiron. Ana neman niyutiron ne daga lambar nauyin aisotof guda, wadda kullum cikakkiyar lamba ce.

Abu ɗaya zai iya zama ayon kuma aisotof a lokaci guda?

Ƙwarai kuwa, domin kowace kalma da tambayar da take amsawa. Kamar mutum ne: akwai sunan gidansu, akwai nauyin jikinsa, akwai kuma ko ana binsa bashi ko shi ke bi, babu ɗayan ukun da ke hana wani. Ɗauki ³⁷Cl⁻. Alamar Cl ta nuna furoton 17. Lambar 37 a cire 17 ta bar niyutiron 20, don haka aisotof ɗin kulorin-37 ne. Alamar ɗebewa ta nuna ƙarin ilektiron ɗaya, wato 18, don haka ayon ne. Kusan kashi ɗaya cikin huɗu na kulorayid ɗin da ke cikin gishirinka irin wannan ne.

Ta yaya ake gane su a aikace?

Ayon yana bayyana kansa ta wajen caji. A haɗa batir da ƙaramin ƙwan lantarki irin na tocila, a bar giɓi a wayar, a tsoma bakunan biyu cikin busasshen gishiri ba tare da sun taɓa juna ba. Ƙwan ba zai kama ba, domin ayon ɗin a ƙulle suke a wurarensu. A narkar da gishirin da yawa a ruwa a sake tsomawa, sai ƙwan ya kawo haske ko da dishi-dishi ne, ƙananan kumfa kuma su fara tasowa a bakin waya, saboda yanzu ayon ɗin suna iya tafiya. Ruwan sukari ba ya yin haka, domin sukari ba ya rabuwa zuwa ayon. Da batir kaɗai ake wannan gwaji, kada a kusanci wutar soket.

Aisotof kuwa ta wajen nauyi ake raba su, kuma aiki ne mai wuya. Yuraniyam ɗin da ake haƙowa a Arlit ta Nijar, kamar na sauran ma'adinai, kusan kashi 99.3 cikin ɗari yuraniyam-238 ne, kashi 0.7 kacal ne yuraniyam-235, wanda shi ne yawancin tashoshin nukiliya ke dogara da shi. Dukkansu furoton 92 gare su, niyutiron uku ne kawai tsakaninsu. Shi ya sa ake mai da shi iska a juya shi da matsanancin gudu a cikin injuna masu yawa a jere, mai nauyin ya riƙa matsawa gefe kaɗan-kaɗan.

Kada kuma a ɗauka kowane aisotof yana fitar da tururin nukiliya. Kulorin-35 da kulorin-37 duk a zaune suke. Kabon-14 ne misalin wanda cibiyarsa ke rushewa, rabinsa na ƙarewa a kusan shekara 5,730. Da wannan aka auna kwalekwalen Dufuna, wanda aka gano a 1987 a yankin da yake jihar Yobe a yau, aka samu ya kai kimanin shekara 8,000.

Idan tambayar ta zo a WAEC ko NECO, daga ina zan fara?

Rubuta lambobi uku na kowane abu kafin ka zaɓi amsa: furoton, niyutiron, ilektiron. Fara da furoton. Idan sun bambanta, sinadarai biyu ne daban, maganar aisotof ta faɗi, ko da lambar nauyinsu ta zo ɗaya. Kabon-14 yana da furoton 6 da niyutiron 8, naitirojin-14 yana da 7 da 7, saboda haka ba aisotof ɗin juna ba ne. Idan furoton sun zo ɗaya, duba niyutiron: bambanci a nan yana nufin aisotof. Daga ƙarshe gwada furoton da ilektiron na kowanne shi kaɗai: idan ba su yi daidai ba, ayon ne.

Gwada da wannan. Abu na farko yana da furoton 8, niyutiron 8, ilektiron 8. Na biyu yana da furoton 8, niyutiron 10, ilektiron 10. Dukkansu oksijin ne, tunda furoton 8 ne. Na farko atam ne marar caji na oksijin-16. Na biyu oksijin-18 ne, kuma ilektiron ɗinsa sun fi furoton da biyu, don haka ana rubuta shi ¹⁸O²⁻.