Ranar da Jordan Peele ya ari bakin Obama

Duk wanda ya kalli Get Out ya san Jordan Peele a matsayin darakta, amma kafin nan ɗan barkwanci ne, kuma ya shahara da kwaikwayon muryar Barack Obama. Sau biyu ya yi wasa da Obama ta hanyoyi daban, kuma a ganina wanda ya gane bambancinsu ya gane inda raha ta tsaya, yaudara ta soma.

Na farko a shirinsu na Key & Peele ne. Peele zai sha kwat ya zauna kamar shugaban ƙasa yana magana a natse, abokinsa Keegan-Michael Key kuma yana tsaye a baya a matsayin Luther, mai fassara fushin da Obama yake haɗiyewa. Maganganun duk ƙirƙira ce, amma ba wanda aka ruɗa, domin fuskar Peele kake gani. Dariyar ma daga nan take fitowa: ka san ba shi ba ne, amma ya kamo shi. Kamar dai yaro ya manna gemun auduga a wasan tashe, ba mai ɗaukarsa tsoho. Obama da kansa ya fito tare da Luther a liyafar 'yan jaridar fadar White House a 2015.

Na biyun shi ne mai sarƙaƙiya. A watan Afrilun 2018 Peele da kafar BuzzFeed suka saki wani gajeren bidiyo. Wannan karon fuskar Obama ce ta gaskiya, aka ɗora mata motsin bakin Peele da manhajojin After Effects da FakeApp, aikin da ya ci kusan awa 56. Sai ga Obama yana cewa Killmonger, mugun fim ɗin Black Panther, shi ke da gaskiya, yana kuma zagin Donald Trump. Can sai allon ya rabu biyu, ga Peele a gefe yana furta kalmomin, yana jan kunnen mutane kada su yarda da duk abin da suka gani a intanet.

Niyyar mai kyau ce, kuma sun tona asirin kansu. To amma ku lura da inda tonon yake: a rabi na biyu. Duk mai waya zai iya yanke rabin farko ya tura a WhatsApp, shi ke nan wasa ya zama shaidar zur. Shi ya sa ni ban gamsu da masu cewa "ai na rubuta wasa ne a ƙasan bidiyon" ba. Rubutun ƙasa ba ya bin bidiyo idan an sauke shi. Alamar wasa dole ta kasance a jikin hoton daga farko har ƙarshe, ko dai fuskar ɗan wasan, ko rubutu a kan allo, ko kambamawar da ba mai hankalin da zai gaskata.

Wannan ma'aunin ne Kotun Ƙolin Amurka ta bi a 1988, a shari'ar mujallar Hustler da mai wa'azi Jerry Falwell. Mujallar ta buga tallan bogi mai muni a kansa, amma kotu ta ce ba zai samu diyya ba, tunda ba mai karatun da zai ɗauki abin a matsayin labarin gaskiya. Dokar can ce fa, ba ta nan ba. A Kano a 2022 kotu ta yanke wa wasu 'yan TikTok biyu bulala 20 saboda bidiyon da suka yi kan gwamna Ganduje.

Yaudara kuwa ba ta ma buƙatar fasaha. A watan Mayun 2019 aka yaɗa bidiyon Nancy Pelosi, shugabar majalisar wakilan Amurka a lokacin, tana jan magana kamar wadda ta sha ta bugu. Ba a ƙara ko kalma ɗaya ba. Gudun bidiyon kawai aka rage zuwa kashi 75 cikin 100, aka gyara muryar don kada a gane. YouTube ta cire shi, Facebook ta bar shi ta rage yaɗuwarsa.

Gwajin da nake yi shi ne na tambayi kaina: idan mai kallo ya san gaskiya, abin zai ci gaba da aiki? Wasan Luther ka san ƙirƙira ne kuma kana dariya. Bidiyon Pelosi kuwa da zarar ka kunna na asali a gefensa, ka ji tana magana daidai, babu abin da ya rage a cikinsa.