Yadda amfilifaya ke ɗaga murya ta bar ƙugin lantarki

Idan ka taɓa ɗaukar murya da makirufo mai doguwar waya, ka san ƙugin nan na "huuu" da ke shiga ƙarƙashin magana. Daga wutar gida yake zuwa, wadda ke juyawa sau 50 a daƙiƙa. Maganinsa wata dabara ce da ake kira amfilifayar bambanci, kuma irinta ce ke karɓar bayanai a wayoyi biyun nan na USB, wato D+ da D−.

Amfilifayar tana da ƙofa biyu. Ana turo murya ta wayoyi biyu, ɗaya na hawa lokacin da ɗayar ke sauka. Shi kuwa ƙugi, tunda wayoyin a nannaɗe suke, daidai yake hawa kansu. Aikinta shi ne ta ɗaga bambancin, ta yi biris da abin da suka yi tarayya a kai. Ma'aunin ƙwarewarta shi ne abin da za ka gani an rubuta CMRR a takardar bayanin na'ura: ƙarfin ɗaga bambanci, a raba da ƙarfin ɗaga ƙugi.

A ciki akwai taransisto biyu da suka haɗu a ƙasa, suna shan lantarki ta hanya ɗaya da ake kira jela. Murya ta zo, ɗaya ya ƙara sha, ɗayan ya rage. Ƙugi ya zo, duka biyun su nemi ƙari tare. Idan jelar ta ƙi bayarwa, ƙugin ya mutu a nan.

Mu ɗauki jela mai 1 mA, da rasisto 5 kΩ a saman kowane taransisto, ana ɗibar sauti daga gefe ɗaya. Muryar 5 mV za ta ninka kusan sau 50, ta fito 250 mV. Idan jelar rasisto ce kawai ta 10 kΩ, ƙugin 100 mV zai fito 25 mV, kashi ɗaya cikin goma na muryar. Kunne zai ji shi sarai. CMRR ɗin 200 ne, wato 46 dB.

To me zai hana a sa rasisto 1 MΩ? Sai ka nemo 1000 V kafin 1 mA ya ratsa shi, alhali batirin wayarka bai kai 5 V ba. Shi ya sa ake sa taransisto na uku a jelar, ya riƙe 1 mA cak da ɗan ƙarfin lantarki kaɗan, amma ya turje wa canji kamar rasisto 1 MΩ. Ƙugin ya koma 0.25 mV, CMRR ya kai 20,000, wato 86 dB.

Sai dai adadin yana raguwa idan hayaniyar mai saurin juyawa ce, domin tana samun hanyar zagaye jelar. Kuma idan ɗaya daga wayoyin ta yi tsatsa a mahaɗa, ƙugi ba zai iso ƙofofin daidai ba, sai amfilifayar ta ɗauke shi a matsayin murya ta ɗaga shi. Idan ƙugi na canjawa duk lokacin da ka motsa fulogi, fara duba mahaɗar.