Wasiƙar neman kwamfutar aiki: abin da ke sa manaja ya sa hannu

A ɗauki misalin wata ma'aikaciyar lissafi da ke zaune a Kano, tana yi wa wani kamfanin rarraba kaya na Legas aiki daga gida. Kwamfutar da take aiki da ita tata ce, ta hannu ta saye ta tun tana bautar ƙasa. Da safe idan ta kunna, sai ta haɗa shayi ta dawo kafin allon ya gama buɗewa. Idan aka ɗauke wuta ana tsakiyar taron bidiyo, minti ashirin ba ya cika batirin ya mutu. Sau biyu ta yi wa shugabanta ƙorafi ta waya, sau biyu ya ce mata za a duba. Ba a duba ba, kuma ba don mugunta ba. Ƙorafin baki ba shi da inda zai zauna a ofishin kuɗi, domin wanda zai fitar da kuɗin yana bukatar takardar da zai maƙala a fayil ya kare kansa ranar da masu binciken asusu suka zo.

Tun kullen korona na 2020, lokacin da aka rufe Legas da Abuja a ƙarshen Maris, Kano ta biyo baya a Afrilu, ma'aikata da yawa suka koma aiki daga ɗakunansu da kayan da suka mallaka. An ɗauka abin na ɗan lokaci ne. A wurare da dama ya zama tsari, amma ba wanda ya koma ya tambayi wa ya kamata ya sayi kayan aikin. Wasu ƙasashe sun warware wannan da doka: a Sifen, dokar aiki daga nesa ta 2021 ta ɗora wa mai ɗaukar aiki samar da kayan, a jihar Kalifoniya ta Amurka kuma doka ta tilasta masa ya mayar wa ma'aikaci kuɗin da ya kashe na dole saboda aiki. Dokar ƙwadago ta Nijeriya an rubuta ta tun shekarun 1970, kafin a san wannan salon aiki. Saboda haka ma'aikaci a nan ya fi dogara da abin da ke cikin takardar ɗaukarsa aiki da kundin ƙa'idojin kamfani, da kuma ƙarfin hujjar da zai iya rubutawa. Kafin ya ɗauki alƙalami, ya fara karanta waɗannan takardun biyu. Idan akwai layin da ya ce kamfani zai samar da kayan aiki, rabin wasiƙar ta rubutu.

Kuskuren da aka fi yi shi ne a mayar da wasiƙar ta kuka. A taimaka mini, kwamfutata ta tsufa, ina shan wahala, Allah ya saka da alheri. Duk gaskiya ne, amma manajan da ya karanta zai ji ana neman alfarma, alfarma kuwa ana iya ɗaga ta zuwa baɗi. Abin da ya dace wasiƙar ta nuna shi ne aikin kamfani ne ke salwanta, kuma ga adadinsa.

Mai lissafin nan ta yi mako biyu tana rubuta abin da ke faruwa a ɗan littafi: ranar kaza, fayil ɗin albashi ya ƙi buɗewa na minti goma sha biyu, ranar kaza, ta fita daga taro da ofishin Legas saboda batiri. Da ta haɗa, sai ta ga tana asarar kimanin minti 40 a kowace rana. A wata mai ranakun aiki 22, wannan minti 880 ne, wato sa'a goma sha huɗu da ɗoriya, kusan ranakun aiki biyu cur da kamfani ke biyan albashinsu ba ya samun komai. Wannan jimla ɗaya ta fi shafi guda na roƙo tasiri.

Sai kuma shaidar da kwamfutar kanta za ta bayar. Duk mai amfani da Windows zai iya buɗe Command Prompt ya rubuta wannan:

```
powercfg /batteryreport
```

Kwamfutar za ta fitar da rahoto mai lambobi biyu da suka fi muhimmanci. Design Capacity shi ne ƙarfin batirin ranar da ya fito daga masana'anta, Full Charge Capacity kuma shi ne abin da yake iya ɗauka yanzu. A tata kwamfutar na farko 45,000 ne, na biyu 14,000, ƙasa da kashi ɗaya cikin uku. Ta kuma danna Ctrl+Shift+Esc ta buɗe Task Manager a daidai lokacin da take aiki da Excel tare da taron bidiyo, ta ɗauki hoton allon yana nuna Memory ya cika maƙil. Idan wannan ma'auni yana tsaye sama da kashi 90 cikin ɗari a aikin yau da kullum, kwamfutar na kwashe abin da ya yi mata yawa tana zubawa a faifan ajiya, shi ne nauyin da ake ji. Hotunan biyu ta maƙala a bayan wasiƙar.

Akwai hujjar da ta fi waɗannan nauyi, kodayake ma'aikata ba su cika tunawa da ita ba. Kamfanin Microsoft ya daina bai wa Windows 10 gyaran tsaro na kyauta ga kowa daga 14 ga Oktoba, 2025. Windows 11 kuwa ba ya hawa kowace kwamfuta: yana bukatar guntun tsaro mai suna TPM 2.0, kuma a ɓangaren Intel galibi sai injin da ya kai zubi na takwas zuwa sama. Tata Core i5-6200U ce. Lamba 6 da ke farko na nufin zubi na shida, ke nan ta tsaya a hanya. A cikin wannan kwamfutar akwai sunayen ma'aikatan kamfanin, da lambobin asusunsu na banki, da albashin kowa. Da yamma kuma ƙannenta na karɓar ta su kalli fim, su sauko da abin da suka ga dama. Dokar kare bayanan jama'a ta Nijeriya, wadda aka sa wa hannu a watan Yunin 2023, ta ɗora wa kamfanin da ke tattara irin waɗannan bayanai alhakin tsare su. Idan suka fita ta kwamfutar ma'aikaciya, kamfanin ne zai amsa tambaya. Wannan sakin layi shi ne wanda ke sa wasiƙa ta bar teburin manaja ta isa na lauyan kamfani ko jami'in fasaha, kuma su ne sukan ce a yi gaggawa.

Daga nan sai a faɗi abin da ake so dalla-dalla. Kalmar "kwamfuta mai kyau" ba ta da ma'ana ga mai sayayya. Yana iya shiga kasuwa ya ɗauko mafi arha, matsalar ta dawo sabuwa. Ga aikin lissafi da taron bidiyo, abin da ta rubuta shi ne injin Core i5 ko Ryzen 5 na shekarun nan, RAM gigabayit 16, ajiyar SSD gigabayit 512, da Windows 11 Pro, domin shi ne ke zuwa da cikakken BitLocker mai kulle bayanai idan an sace kwamfuta. Ta ƙara da batirin da zai kai sa'a shida, ta kuma bayyana dalili: a unguwarsu wuta ba ta da tabbas, wanda ke zaune a ofis mai janareta kuma ba lallai ya tuna da haka ba. Ba ta nemi abin da ya wuce aikinta ba. Mai zanen gini ko mai tace bidiyo na da hujjar neman katin hoto na musamman, mai lissafi ba ta da ita, kuma ɗan ƙari irin wannan na iya sa a yi shakkar dukan wasiƙar.

Farashi ma sai an kawo shi a rubuce. Ta karɓo takardun farashi daga shaguna biyu a titin Bairut na Kano, kowace da kwanan wata da tsawon garanti. Tun da aka saki darajar naira a Yunin 2023, kuɗin kayan da ake shigowa da su na iya canzawa cikin ɗan lokaci, don haka ta rubuta ranar da mai shago ya ce farashin zai daina aiki. Wannan ya ba wasiƙar wa'adi ba tare da ta zama barazana ba.

Wurin da ya fi bukatar natsuwa shi ne zaɓin da ake bai wa kamfani, domin nan ne rigimar gobe ke ɓoye. Hanya mafi tsabta ita ce kamfani ya saya da sunansa, ya sa a rajistar kadarorinsa, ya ɗauki nauyin gyara, ma'aikaci ya mayar ranar da ya bar aiki. Hanya ta biyu, ma'aikaci ya saya a mayar masa da kuɗinsa. A nan kada ya kuskura ya fitar da kwabo sai ya riƙe amincewa a rubuce da ta ambaci adadin, kuma rasit ya fito da sunan da ofishin kuɗi zai karɓa. Mutane da yawa sun sayi kaya a kan "je ka saya kawai" na waya, suka yi watanni suna bin kuɗinsu. Ta uku, kamfani ya ba da rance a riƙa cirewa daga albashi, kwamfuta ta zama ta ma'aikaci a ƙarshe. Wannan tana da daɗin ji, amma a gaskiya ma'aikaci ne ya sayi kayan aikin kamfani da guminsa, kuma bai kamata ya fara miƙa ta ba sai an ƙi biyun farko. Ko wace aka zaɓa, wasiƙar ta nemi a rubuta amsar tambayoyi uku: ta wa ce, wa zai gyara idan ta lalace, me zai faru idan aka sace ta a adaidaita sahu.

Wasiƙar kanta gajeriya ce, shafi ɗaya. Ta aika wa shugabanta kai tsaye, ta sa ofishin kula da ma'aikata a kwafi, ba ta tsallake shi ba. Bayan gaisuwa, jimlar farko ta faɗi bukata: "Ranka ya daɗe, ina neman kamfani ya samar mini da kwamfutar aiki kafin rufe lissafin wannan zangon, domin wadda nake amfani da ita tawa ce, kuma ba ta ƙara samun gyaran tsaro." Sakin layi na biyu ya ɗauki minti 880 da tarukan da suka yanke. Na uku ya ɗauki bayanan albashi da dokar 2023. Na huɗu ya kawo irin kwamfutar da farashi biyu. Ta rufe da cewa a shirye take ta karɓi wadda ke ajiye a sito idan ta cika waɗannan sharuɗɗa, domin kamfanoni da yawa na da kwamfutocin waɗanda suka bar aiki, kuma fitar da ɗaya daga sito ba ya bukatar sabon kasafi.

Amsar da aka fi samu ita ce babu kuɗi a wannan zangon. Wannan ba ƙarshen magana ba ce. Tana iya neman a rubuta mata watan da za a sa bukatar a kasafi, a kuma biya kuɗin sabon batiri da ƙarin RAM kafin lokacin, idan kwamfutar na karɓar ƙari. Wasu siraran kwamfutoci an liƙe musu shi a jikin allon injin, ba ya cirewa. Gyaran zai rage nauyi da mutuwar batiri, amma ba zai mayar da zubi na shida ya zama na takwas ba, don haka sai ta nemi jami'in fasaha ya faɗa mata a rubuce ko ta ci gaba da buɗe fayil ɗin albashi a kanta ko ta dakata.