Auna Fahimta: Ina Amsar Take Ɓoye?

A jarrabawar JAMB ana ba ɗalibi tambayoyi 180 ya amsa cikin awa biyu, wato kowace tambaya daƙiƙa 40 ke gare ta. A sashen auna fahimta, lokacin yakan tafi ne wajen neman amsa inda ba ta. Mai tsara jarrabawa yakan tambayi jigon rubutu, ko wani bayani da ke cikinsa, ko abin da marubuci ya nufa bai furta ba, kuma kowacce da inda ake tono ta.

Mu gwada da wannan ɗan rubutu:

“A shekarar 1911 layin dogo ya iso Kano. Turawan mulki sun sa ran jirgi zai riƙa kwasar auduga zuwa masaƙun Ingila. Sai dai masaƙan gida sun fi kamfanonin Turawa sayen auduga da daraja. Manoma kuma suka ga gyaɗa ta fi riba, ga shi ko kasuwa ta faɗi ana iya cin ta. Kafin a jima, gyaɗa ce ta cika taragu.”

Idan aka ce, “A wace shekara layin dogo ya iso Kano?” wannan tambayar bayani ce. Alamarta ita ce kana iya ɗora yatsa a kan jimla guda ka ce ga amsa. Wahalarta kawai, ba kasafai ake maimaita kalmomin rubutun ba. Inda marubuci ya ce “da daraja”, a zaɓi sai ka ga “da tsada”.

Tambayar jigo kuwa takan zo da lafazi irin “Me rubutun ya fi mayar da hankali a kai?” ko “Wane kanu ya fi dacewa da shi?” A ce zaɓin su ne: A, tarihin sufuri a Najeriya, B, isowar layin dogo Kano, C, yadda gyaɗa ta sha gaban auduga bayan zuwan jirgi, D, zaluncin Turawa ga manoma. Yawancin masu faɗuwa a nan B suke ɗauka, saboda gaskiya ce, kuma da ita aka buɗe rubutun. To amma ka auna ta da sauran jimloli huɗun. Ina ta bar masaƙa? Ina ta bar gyaɗa? Jimla ɗaya kawai ta rufe, sauran suna waje. A kuma ta yi faɗi har ta ɗebo jirgin ruwa da mota, waɗanda ba a ambata ba. D ba ta cikin rubutun sam, ko da zuciyar mai karatu ta karkata gare ta. C ce kaɗai kowace jimla take yi wa hidima. A ganina shawarar nan da ake yawan ba yara, wai jigo kullum yana jimlar farko, ta jefa da yawa a rami. A rubutun da ke sama, sai da aka zo “sai dai” maganar ta juya, kuma daga nan jigon ya fito. Kalmomi irin “amma”, “sai dai” da “duk da haka” sun cancanci a ja musu layi.

Ta ukun ita ce mai santsi. Za a ce, “Me za a iya fahimta daga rubutun game da manoman Kano?” Babu jimlar da za ka ɗora wa yatsa, amma ba a ba ka izinin shaci-faɗi ba. Sai ka haɗa wuri biyu: sun duba riba, sun kuma yi tunanin faɗuwar kasuwa. Ashe ke nan mutane ne masu lissafi kafin su zaɓi abin shukawa. Taku ɗaya ne daga abin da aka rubuta. Idan wani zaɓi ya ce “manoma sun daina noman auduga gaba ɗaya”, ya zarce, har ya ci karo da rubutun, tunda masaƙan gida suna saye. Idan wani ya ce “an tara dalar gyaɗa a Kano”, tarihi ya tabbatar da haka, amma daga kanka ka kawo shi, ba daga takarda ba. Ɗalibi mai yawan sani ya fi faɗawa wannan tarko. A nan, zaɓin da ya kwafo jimlar rubutun kalma da kalma ma abin zargi ne, domin abin da ba a furta ba aka tambaya.

Lafazin tambaya shi kaɗai yakan ruɗar. “Me ya sa manoma suka koma gyaɗa?” tana kama da mai buƙatar zurfin tunani, alhali dalilan biyu suna kwance a jimla ta huɗu, don haka tambayar bayani ce. Amma “Me ya sa burin Turawa bai cika ba?” sai ka haɗa jimla ta biyu da ta uku da ta huɗu, domin marubucin bai ma ce burin ya rushe ba, ya dai ce gyaɗa ce ta cika taragu.